Izinin mutum ɗaya, sirrin mutum arba'in: tsara bincike kan jita-jita a guruf ɗin gida

Wata asuba a farkon watan Agustan 2014, tun kafin ladan ya yi kiran farko, wayata ta yi ƙara. Gwaggona ce. Ko gaisuwa ba ta tsaya mun gama ba ta ce, "Maza tashi ka ɗora ruwa, ka zuba gishiri da yawa, ku yi wanka ku sha kai da yaran. Cutar nan ta Legas ce ta taso." Ibola take nufi, wadda ta shigo Najeriya a watan Yulin shekarar. A wannan daren saƙon ruwan gishiri ya zaga ƙasar nan ta kiran waya da tes da kafafen sada zumunta, kuma daga baya Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce aƙalla mutum biyu sun rasu saboda shan ruwan gishirin. Na san maganar ba ta da tushe, amma abin da na ce mata shi ne, "To Gwaggo, Allah Ya saka da alheri." Ban yi wankan ba, ban kuma faɗa mata kada ta sha ba. Har yau wannan shirun nawa yana damuna.

A yanzu irin wannan saƙo guruf ɗin gida yake faɗawa a WhatsApp, inda kawu da inna da 'ya'yan baffanni da wanda ke Makka da wadda ke aure a Maraɗi duk suke tare. Shi ya sa da wata ɗaliba ta kawo mini daftarin binciken da take son yi kan yaɗuwar labaran ƙarya a irin waɗannan guruf-guruf, na karanta shi da zumuɗi. Tsarinta mai sauƙi ne. Ƙawayenta goma za su fitar mata da duk hirar guruf ɗin gidajensu na wata uku, ita kuma ta zauna ta ƙirga ƙarairayin da ke ciki. Na tambaye ta batun izini, ta ce, "Malam, ai ƙawayen nawa duk sun yarda." Na ce, "Su sun yarda. Kawunnansu fa?" Daga wannan tambayar muka sake gina daftarin tun daga tushe, kuma a ganina duk wanda zai yi irin wannan aiki a nan ne zai fara, domin batun izini shi ke yanke abin da za a iya tambaya da kuma yadda za a zaɓi mutanen.

Dalilin da ya sa ƙofar take rufe sananne ne. Tun watan Afrilun 2016 saƙonnin WhatsApp a kulle suke daga wayar mai aikawa zuwa wayar mai karɓa, don haka babu wani rumbu da mai bincike zai je ya roƙa a buɗe masa. Mafi yawan nazarin da aka yi a kan wannan manhaja a guruf-guruf ɗin siyasa aka yi su, musamman waɗanda ake raba mahaɗin shigarsu a fili. Ko binciken da Cibiyar Dimokuraɗiyya da Cigaba ta Abuja ta yi tare da Jami'ar Birmingham kan zaɓen 2019, wanda ya taɓo Kano da Oyo, hankalinsa yana kan 'yan siyasa da masu yi musu yaƙi a waya. Guruf ɗin gida daban yake. Ba a shiga sai da jini ko aure, ba a fita sai da abin magana, kuma wanda ya turo saƙo ba baƙo ba ne, mutum ne da za ka durƙusa ka gaishe shi ranar sallah.

Tambayar da ɗalibar ta fara rubutawa ita ce, me ya sa dattawa suke yaɗa labaran ƙarya. Wannan tambaya ta riga ta yanke hukunci kafin a saurari shaida. Wa ya ce dattawa ne suka fi turawa? Zai yiwu matashin da ke da data kullum shi ne yake kwaso kaya daga Facebook da TikTok yana zubawa, dattijo kuma ya ƙara masa nauyi da "Allah Ya kyauta" kawai. Muka rushe ta, muka fitar da tambayoyi uku da za a iya amsawa. Ta farko, a cikin saƙonnin da ake turowa daga waje zuwa guruf ɗin gida, kashi nawa ne ke ɗauke da iƙirarin da za a iya tantancewa, kuma a cikinsu kashi nawa ne ba daidai ba? Ta biyu, wane matsayi mai turowa yake da shi a wajen wanda ke ba mu labari, na gaba da shi ne, tsaransa ne ko na ƙasa da shi? Ta uku, wadda ta fi ja mini hankali, idan wani a guruf ɗin ya gane saƙo ƙarya ne, me yake yi? Yana gyarawa a gaban kowa, ko ya bi mutum ta bayan fage, ko ya kai maganar ga wani babba ya faɗa a madadinsa, ko ya yi shiru irin nawa?

Kalmar "ba daidai ba" tana bukatar shinge. Babban kaso na abin da ke yawo a guruf ɗin gida barka da Juma'a ne da addu'o'i da wa'azi da sanarwar ɗaurin aure. Waɗannan ba sa cikin abin da mai bincike zai yi wa hukunci, kuma daftarin da ya ɗora wa kansa tantance ingancin magana ta addini ya shiga gonar da ba tasa ba, ya kuma rufe wa kansa ƙofofin gidaje. Abin da za a auna shi ne iƙirari kan abin da ya faru ko yake faruwa: an kai hari a wuri kaza, allura kaza tana hana haihuwa, gwamnati tana raba kuɗi ta wannan mahaɗin, ganye kaza yana warkar da ciwon suga. Su ma ba gida biyu kawai za a raba su ba. Akwai gaskiya, akwai ƙarya tsagwaronta, akwai abin da ba a iya tantancewa, sannan akwai gida na huɗu da ya fi yaudara, wato gaskiyar da aka canja wa wuri ko lokaci, kamar bidiyon wani rikici na shekarun baya da aka sake turowa aka ce jiya ne.

Canjin kuɗi ya koya mana muhimmancin rubuta ranar da saƙo ya shigo. Babban Bankin Najeriya ya fara sa ranar 31 ga Janairun 2023 a matsayin ranar daina karɓar tsofaffin takardun naira, aka ɗaga zuwa 10 ga Fabrairu, sannan a ranar 3 ga Maris Kotun Ƙoli ta ce a ci gaba da karɓarsu. Saƙon murya guda ɗaya mai cewa "gobe tsohon kuɗi zai daina aiki" zai iya zama daidai da sanarwar hukuma a wannan makon, ya zama ƙarya a mako na gaba. Don haka hukuncin da za a yi wa saƙo ya dogara ne da abin da aka sani a ranar da ya shigo guruf ɗin. Mutum biyu ne za su yi wannan rabon, kowa shi kaɗai, suna duba sanarwar hukumomi da aikin masu tantance labarai irin su Dubawa da Africa Check, sannan a gwada yawan inda suka dace. Idan suna yawan saɓawa a gida ɗaya, ma'anar gidan ce ba ta fito ba, sai a gyara ta kafin a ci gaba.

Sai batun yadda saƙon zai iso hannun mai bincike. Ɗalibar ta dogara da maɓallin Export chat, wanda ke fitar da hirar guruf gaba ɗaya a rubuce. Na ce ta gwada a wayarta mu gani. Abin da ya fito kamar haka yake:

```
14/03/2024, 05:42 - Kawu: <Media omitted>
14/03/2024, 05:50 - Inna: Allah ya tsare
```

Wannan ɗan layin ya nuna matsala biyu. Idan aka fitar da hirar ba tare da hotuna da sauti ba, duk saƙonnin murya sun ɓace, alhali a gidajenmu da murya ake yawan magana, musamman ga waɗanda karatun boko bai zauna musu ba. Alamar Forwarded da ke nuna an turo saƙo daga wani wuri ita ma ba ta fitowa a rubutun. Abin da yake fitowa kuwa shi ne wanda bai kamata ya fito ba: sunan kowa ko lambar wayarsa, rigimar gado, labarin wadda ta yi ɓari, wanda ake tara wa kuɗin asibiti, wadda aurenta ke tangal-tangal. Mutum ɗaya ya danna maɓalli, sirrin mutum arba'in ya bar gida.

Hanyar da muka tsaya a kanta ita ce a ɗauki abin da ya shigo daga waje kawai, a bar abin da aka faɗa a cikin gida. Mutum ɗaya daga kowane guruf, wanda ya yarda ya shiga binciken, zai riƙa tura wa wayar bincike saƙonnin da ke ɗauke da alamar turowa, kowace yamma. Saƙon da aka tura ta haka yana isowa ba tare da suna ko lambar wanda ya sa shi a guruf ɗin ba. Tare da kowane saƙo zai cike 'yar gajeriyar takarda: ranar da ya shigo, matsayin mai turowa a wajensa, namiji ne ko mace, ko an mayar da martani, kuma wane iri. Ba zai rubuta suna ba, ba zai kwafo maganar kowa ba. Akwai abu ɗaya da dole ya duba kafin ya tura, wato ko saƙon yana ɗauke da alamar Forwarded ko Forwarded many times. Ta biyun tana bayyana ne idan saƙo ya bi ta hannu biyar ko fiye, kuma tun watan Afrilun 2020 irin wannan saƙo wuri ɗaya kawai ake iya tura shi a lokaci guda. Turawar da shi kansa zai yi ƙarin hannu ce, tana iya sauya alamar, don haka abin da ya gani a guruf ɗin shi za a rubuta.

Wannan hanya tana da ramuka, kuma gara daftarin ya faɗe su da bakinsa. Saƙon da aka kwafa aka manna, ko bidiyon da aka sauke aka sake ɗorawa, ba ya ɗaukar alama. Jita-jitar da Baffa ya ji a masallaci ya zo ya faɗa da muryarsa ita ma ba za ta shigo ba, domin muryar ɗan gida ce, ba ma karɓa. Abin da za a iya yi shi ne mai ba da labarin ya rubuta a taƙaice cewa an yi magana a kan abu kaza. An rasa wani ɓangare na bayani, amma na fi yarda da a rasa shi a kan a ajiye muryar dattijon da bai san ana nazarinsa ba.

Yanzu su wa za a zaɓa? Babu rajistar guruf-guruf ɗin gida a ko'ina, don haka ba a iya jefa ƙuri'a a kansu kai tsaye. Ƙawaye goma na ɗalibar jami'a kuwa kusan gida ɗaya ne aka maimaita sau goma: 'yan birni, masu boko, masu shekaru kusan ɗaya. Mafita ita ce a bi ta mutane a isa ga guruf. Jihar Kano tana da ƙananan hukumomi 44 da mazaɓu 484. Daftarin ya ɗauki ƙananan hukumomi huɗu da gangan, Dala da Nasarawa a cikin birni, Bichi da Wudil a waje. A kowace za a fitar da mazaɓu uku ta hanyar ƙuri'a, a kowace mazaɓa a bi gidaje 30 bisa tsarin tsallake da aka ƙayyade tun kafin a fita. Gidaje 360 ke nan. A kowane gida za a zaɓi baligi ɗaya, shi ma ta ƙuri'a, ba wanda ya fara fitowa zaure ba, a tambaye shi ko yana cikin guruf ɗin dangi da aka yi magana a cikinsa a makon da ya wuce. Dole tawagar ta haɗa da mata masu shiga cikin gida, in ba haka ba binciken zai zama na maza ne zalla ba tare da an yi niyya ba.

Don tsara kasafi muka yi zato, wanda gwajin farko ne zai tabbatar ko ya rushe shi, cewa kashi ɗaya cikin uku za su cancanta, wato mutum 120, rabinsu za su yarda, sannan wasu za su gaji su daina, wasu kuma a tarar guruf ɗinsu ɗaya da na wani da aka riga aka ɗauka. Abin da ake fatan ya rage shi ne guruf 40 da za a bi tsawon mako takwas. Tunda da hannu aka zaɓi ƙananan hukumomin huɗu, sakamakon nasu ne, ba za a ce ga halin Kano gaba ɗaya ba, balle ƙasar Hausa.

Akwai wata karkata a wannan tsari da ɗalibai ba su cika lura da ita ba. Idan ta mutane ake isa ga guruf, babban guruf ya fi saurin faɗawa cikin koma. Zuriyar da ke da mutum 80 a yankin binciken ta ninka gidan da ke da mutum 10 sau takwas wajen yiwuwar a ci karo da ɗaya daga cikinsu. To idan manyan guruf-guruf sun fi cika da saƙonnin waje, kamar yadda mutum zai yi tsammani tunda ba kowa ya san kowa sosai ba, ƙididdigar za ta kumbura. Maganin shi ne a tambayi kowane mai ba da labari kimanin mutum nawa 'yan guruf ɗinsu ke zaune a yankin, sannan wajen lissafi a rage wa manya nauyi gwargwadon girmansu.

Wuri na biyu da lissafi ke yaudara shi ne yawan saƙonni. A ce kowane guruf ya ba da saƙo 100 a mako takwas, an sami 4,000. Ɗalibar ta yi murna da wannan adadi, domin a aji an koya mata cewa kusan 384 sun isa. Amma saƙonnin guruf ɗaya 'yan uwan juna ne: mutum biyu ko uku ne ke turo mafi yawansu, daga majiya iri ɗaya. Ana auna asarar da wannan kamanni ke jawowa da wannan ƙa'ida, inda DEFF yake nufin adadin da za a raba jimillar saƙonnin da shi, m yawan saƙo a kowane guruf, ρ kuma girman kamannin da ke tsakanin saƙonnin guruf ɗaya:

```
DEFF = 1 + (m − 1) × ρ
```

Idan muka ɗauki ρ a matsayin 0.1 don misali, amsar ita ce 10.9. A raba 4,000 da 10.9, a sami kusan 367. Wato ƙarfin shaidar saƙonni dubu huɗun nan bai wuce na saƙo 367 masu zaman kansu ba, wanda ke ba da kuskuren da zai iya kai maki biyar cikin ɗari sama ko ƙasa. Ɗalibar ta ce to a ƙara wa'adin zuwa mako goma sha shida. Muka lissafa: saƙo 8,000 daga guruf 40 ɗin nan dai, ƙarfinsu ya tashi zuwa kusan 383 kawai. Amma da za a ninka guruf ɗin su zama 80 a mako takwas, ƙarfin zai kai kusan 734. Duk kuɗin da aka samu ƙari, gidaje za a ƙara da shi, ba makonni ba. Lokacin da aka zaɓa shi ma yana da tasiri, domin makonnin azumi ko na gab da zaɓe ba su yi kama da sauran shekara ba, kuma ya kamata daftarin ya faɗi wanne ya zaɓa da dalilinsa.

Tambaya ta uku, ta gyara da shiru, ƙidaya ba za ta amsa ta ita kaɗai ba. A nan za a zauna da kimanin mutum ashirin daga cikin masu ba da labarin, a yi hira mai tsawo, a haɗa da matasa da dattawa, maza da mata, musamman matan da ke cikin guruf ɗin dangin miji. Irin tambayar da ke buɗe baki ita ce, "Ki tuna wani lokaci da kika ga saƙon da kika san ba haka ba ne, me kika yi?" Ba a neman sunan kowa. Abin da ake nema shi ne hanyoyin da mutane suka ƙirƙiro na faɗin gaskiya ba tare da sun kunyata babba ba, domin idan akwai abin da wannan bincike zai amfanar, a nan yake.

Yanzu mu koma kan kawun da bai ba da izini ba. Hanyoyi uku ne a gaban mai bincike. Ya sa a shigar da shi guruf ɗin a ɓoye, wanda cin amana ne, babu kwamitin ɗa'ar bincike na kirki da zai amince. Ko ya nemi yardar kowa da kowa, wanda a takarda ya fi kyau, amma a aikace yana da illa biyu: mutane za su gyara zama da zarar sun san ana kallo, kuma idan babban gida ya ce ya yarda, wace amarya ce za ta ɗaga murya ta ce ita ba ta yarda ba? Hanya ta uku ita ce wadda muka bi, a tsara aikin yadda bayanin da zai fallasa sauran 'yan guruf ba zai taɓa barin wayar ba, sannan a bayyana wa kwamitin wannan dalla-dalla a nemi amincewarsa a rubuce kafin a taka ƙofar gida ko ɗaya. Dokar kare bayanan jama'a ta Najeriya ta 2023 ta sa bayanin lafiyar mutum da addininsa da ƙabilarsa da ra'ayinsa na siyasa cikin bayanai masu bukatar kariya ta musamman, kuma hirar gida cike take da su. Shi kuma mai ba da labarin ba za a ce ya ɓoye wa danginsa ba. Yana da 'yancin faɗa wa duk wanda ya so, kuma idan guruf ɗin suka nuna ba sa so, an tsaya ke nan.

Wanda ya fi kowa shiga haɗari shi ne mai ba da labarin kansa. Idan aka ga yana kwasar saƙonni yana turawa wata lamba, sunan da zai samu a dangi shi ne munafuki ko ɗan rahoto, kuma wannan tabo yana daɗewa. Ga matar da ke guruf ɗin surukai abin zai iya taɓa aurenta. Akwai kuma matan da wayar miji suke amfani da ita, ko miji yana duba tasu. Don haka tun a zaman farko za a tambayi mutum wa ke taɓa wayarsa, wane lokaci ya dace a kira shi, kuma me yake ganin zai faru idan aka sani. Wanda amsarsa ta nuna akwai matsala, a gode masa a wuce, ko da ya nuna yana so. Bayanin neman izini da Hausa za a yi shi, da baki, a ba mutum kwana ɗaya ko biyu ya yi shawara, a bar masa takarda da boko ko da ajami. A Kano wannan ba ƙa'idar ofis ba ce kawai. Mutane ba su manta da gwajin maganin Trovan da kamfanin Pfizer ya yi a kan yara kimanin 200 lokacin annobar sanƙarau ta 1996 ba, kuma wannan tarihin yana cikin abin da ya ƙarfafa ƙin allurar shan inna a 2003. Duk wanda ya zo da takarda yana cewa bincike, da wannan idon za a fara kallonsa, kuma suna da hujja.

Ladan da za a bayar kuɗin data ne daidai wa daida ga kowa a kowane mako, ko guruf ɗin ya yi shiru ko ya cika. Idan aka biya bisa yawan saƙo, an koya wa mutum ya nemo ƙarya da kansa ya zuba a guruf ɗin gidansu.

Ajiya ita ma tana da nata tarko. Wayar bincike za a keɓe ta ga wannan aiki kawai, a kashe kwafin da WhatsApp ke ajiyewa a Google Drive, domin wannan kwafin ba ya samun irin kullen da saƙonni ke da shi sai an kunna masa da hannu. Kowane mai ba da labari lamba za a ba shi, takardar da ke haɗa lamba da suna kuma a ajiye ta daban, a ƙone ta da zarar an gama karɓar bayanai. Dalilin gaggawar shi ne mai bincike ba zai iya yi wa kowa alkawarin cewa kotu ko jami'an tsaro ba za su taɓa neman abin da ke hannunsa ba, ga kuma sashe na 24 na dokar laifukan intanet ta 2015 da aka sha kama mutane da shi kan abin da suka rubuta ko suka tura. Abin da ba ya hannunka ba za a karɓe shi daga gare ka ba. Saƙon da ke zargin wani mutum da sunansa, musamman zargin ɓatanci ga addini ko satar yara, ba za a maimaita shi a rahoto ba ko da an sakaya sunan. Kisan da aka yi wa wata ɗaliba a Sakkwato a watan Mayun 2022 daga saƙon murya a guruf ɗin 'yan aji ya faro, kuma ya isa ya nuna abin da saƙo ke iya jawowa idan ya fita daga inda aka yi shi.

Wurin da na fi daɗewa ina tunani shi ne wannan. A ce a mako na uku saƙo ya iso wayar bincike yana cewa a ba yara wani haɗi su sha, ko a hana 'yan mata allurar rigakafin sankarar bakin mahaifa da aka fara yi a Najeriya a watan Oktoban 2023. Idan mai bincike ya yi magana, ya taɓa abin da yake aunawa. Idan ya yi shiru, ya zama ni a waccan asubar. Matsayina shi ne lafiyar mutane tana gaba da tsabtar ƙididdiga, kuma a rubuta ƙa'idar tun kafin a fara domin kada a yanke hukunci cikin ruɗani. Duk saƙon da bin sa zai iya cutar da jiki ko ya jawo a far wa wani, za a sanar da mai ba da labarin cikin kwana ɗaya, a ba shi sahihin bayani daga hukumar lafiya da Hausa mai sauƙi, shi ya zaɓi yadda zai isar. Sai a rubuta ranar da aka yi hakan, a ware makonnin da suka biyo baya na wannan guruf ɗin wajen lissafi. Ƙarairayin da ba su kai wannan mataki ba za a tara su, a ƙarshen mako na takwas a ba kowane mai ba da labari bayanin abin da aka gano a kansu.

Kafin a fita gidaje 360, daftarin ya tanadi gwaji na mako biyu da guruf biyar. A nan za a ga ko mutane suna iya cike takardar kowace yamma ko sai an mayar da ita saƙon murya, ko saƙo 100 a mako takwas zato ne mai kyau, da kuma sau nawa ake kuskuren turo maganar ɗan gida a maimakon saƙon waje, wadda dole a goge nan take a rubuta cewa an goge. Muka kuma sa sharaɗin dakatarwa: idan ko mutum ɗaya cikin biyar ɗin ya sami saɓani da danginsa saboda binciken, ba za a wuce zuwa babban aikin ba sai an koma gaban kwamitin an sake duba yadda ake karɓar saƙonnin.